Jaka Mai Aljihu Biyu da Na Sayar Taro

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon sana'a da Turawa suka buɗe a Sakkwato malaminmu na dukanci ya ba mu wani aiki da ba mu taɓa yin irinsa ba. Malamin Basakkwace ne, baduku ɗan baduku, Turawa suka ɗauko shi daga rumfarsa ta kasuwa suka ce ya koya mana ɗinkin fata. Ana sauran kwana biyu mu tafi hutu ya tara mu a gindin bedi, har da 'yan sassaƙa da 'yan ƙira da 'yan saƙa, domin malamansu sun yarda a haɗa mu.

Ya ce, "Kowa ya iya ɗinki in an aza mishi hwata gaba. To, in kun bar nan ba wanda za shi aza muku. Kowa ya tahi garinsu, ya duba abin da mutane ka so ba su samu ba, ya yi shi ƙarami, ya sai da. In kun dawo ina son kowa ya gaya min nawa abin ya ci, tun daga kayan da ya sawo har ya kai hannun mai saye."

Nan take aka fara kawo shawara. Wani ɗan sassaƙa ya ce allunan karatu zai yi, don a unguwarsu sai an je wani gari ake samun allo mai kyau. Wani ɗan ƙira ya ce lauje, tunda kaka ta kusa. Ɗan saƙa ɗaya ya ce majanyi, aka yi masa dariya, Malam ya ce a bar dariya, matan garinsu ba su daina haihuwa ba. Ni kuwa ban san abin da zan yi ba. Abin da nake da shi dai sule uku ne, da na tara daga ɗan kuɗin da ake ba mu, da basillata da wuƙar yankan fata.

Kwana uku muka yi a hanya, ni da ayarin fatake, kafin mu iso Illela. A lokacin garin bai kai yadda yake yanzu ba, amma kasuwar Lahadi tana ci, kuma mutanen Ƙwanni suna sauko mata kamar yadda mu ma muke hawa tasu. Iyakar da aka ja tsakanin Ingilishi da Faransa ba ta hana kowa zuwa gidan surukansa ba. Abin da ta kawo mana shi ne kuɗi iri biyu. An daina karɓar wuri a haraji, saboda haka kowa ya koma neman kuɗin ƙarfe. A gefenmu akwai sule, mai kwabo goma sha biyu, da sisi rabinsa, da taro rabin sisi, da ɗari rabin kwabo, da anini. A gefen Ƙwanni kuwa tamma ce, kuɗin Faransa, ke yawo. Mahaifina fataucin kanwa yake yi, yana sarowa daga arewa yana kaiwa kudu, saboda haka duka biyun suna shiga hannunsa.

Kwana biyu da isowata ina zaune a zaure na ga ya kwance bakin wani tsumma ya zube kuɗi a kan buzu, yana tsince na Ingilishi daga na Faransa. Wani baƙo yana tsaye yana jiran a biya shi kuɗin dako. Mahaifina ya miƙa masa, baƙon ya juya ɗaya ya ce wannan ba ta ci a garinsu, a sake masa. Aka sake zubewa, aka sake tsincewa. Ina kallo sai abin ya faɗo mini: 'yar jaka ta fata, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a raba cikinta biyu, kowane kuɗi da aljihunsa, da marfi ɗaya da igiyar ratayawa a wuya. In yi aljihun gaba ja, na baya da ɗan baƙin zane a baki, don ko wanda bai iya karatu ba ya san inda zai sa hannu.

Ran nan na kasa zama. Na yanka takarda gwargwadon jakar, na je wurin majema a bayan gari, na sayi fatar akuya jemammiya guda biyu, sule guda kowace. Na shimfiɗa su a ƙasa na auna da taƙi, tsawo da faɗi, na lissafta a takarda kamar yadda aka koya mana. Lissafin ya ba ni jaka takwas a kowace fata, goma sha shida ke nan. Na raba kwabo ashirin da huɗu gida goma sha shida, kowace jaka ta tashi kwabo ɗaya da ɗari. Na ce in na sayar taro, na ninka kuɗina. Na rubuta wannan da babban baƙi, na ja layi a ƙarƙashi.

Sulen da ya rage bai shiga takardar ba, don ba a dunƙule ya fita ba. Na sayi karan dafi na rina fatar ja. Na sayi kuloko na yin baƙin zane. Washegari na ga zare bai isa ba na aika aka sawo. Na sayi ɗan ƙyalle na shafe cikin aljihun don kada kuɗi su ci fatar, da garin da ake dama dalaki a manna ƙyallen, da ɗan mai na murza fatar ta yi laushi. Kwabo ɗaya nan, biyu can, a raina duk tarkace ne, ba su isa a rubuta ba.

Da na zo yanka sai fatar ta ƙi bin takarda. Wajen wuya ta yi kauri, wajen ciki ta yi sirara tana miƙewa, ƙafafu huɗu sun tafi a banza, ga wani huji da wuƙar mai fiɗa ta bari a tsakiyar ɗaya. Shida na samu a kowace, goma sha biyu. Na ɗan ji ba daɗi, amma na sake raba ashirin da huɗu gida goma sha biyu, na ga kwabo biyu ne, na ce har yanzu akwai ribar kwabo a kowace. Kwana shida na yi a zaure ina ɗinki daga hantsi zuwa la'asar, biyu a wuni. Ɗaya ta lalace, na huda ta kusa da baki ƙwarai ta yage. Ɗaya na ba mahaifina. Na shiga kasuwar Lahadi da goma.

A layin dukawa akwai wani tsoho da ya fi kowa daɗewa a wurin. Abokin mahaifina ne, shi ke ɗinka masa takalma tun kafin a haife ni, kuma shi ya yi mini layar da na fara ratayawa. Idonsa ya fara rauni, sai ya kai fata kusa da hancinsa yake ganin inda zai huda. Gidansa akwai baki da yawa, don 'yarsa ta dawo da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Shi ma yana ɗinka jakar kuɗi, mai aljihu ɗaya da marfi mai zamewa a kan igiya, yana sayarwa sisi. Na gaishe shi, ya sa mini albarka, na wuce na shimfiɗa tabarmata rumfa uku daga tasa. Ban ga wani laifi a hakan ba.

Kafin azahar ba ni da ko ɗaya. Mutanen Ƙwanni suka yi ta juya jakar suna sa yatsa a wannan aljihu suna sawa a wancan, suna dariya. Ba wanda ya taya, taro na ce, taro aka ba ni. Wani ma biyu ya ɗauka. Na naɗe tabarma ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ina cikin naɗewa na ji hayaniya a rumfar tsohon. Wani dillalin awaki ne, mutum mai babbar murya, ya sayi tawa ɗazu, ya je ya tsaya a gaban tsohon yana kaɗa ta.

"Dubi nan! Aljihu biyu, taro! Kai kuwa aljihu guda kana amsar sisi, shekara da shekaru. Ashe yanka mu kaka yi, da hurhurarka!"

Mutane suka taru. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce a miƙo masa jakar, ya kai ta kusa da idonsa, ya duba ɗinkin, ya shinshina rinin, ya mayar masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Aikin ya yi kyau." Ya sunkuya ya ci gaba da abin da yake yi. Wasu mata biyu da suka tsaya za su sayi kaya a wurinsa suka dubi juna suka wuce. Ni kuwa na sulale ta bayan rumfunan gishiri na tafi gida, ina gaya wa kaina cewa kasuwa ce, kowa da farashinsa.

Washegari da safe na ɗauki kuɗina zan koma wurin majema. Na ƙirga, sule biyu da sisi. Na sake ƙirgawa. Da sule uku na fara, na yi kwana shida ina aiki, na sayar da kaya kaf, ga shi abin da ke hannuna bai kai abin da na fara da shi ba. Na zazzage aljihun rigata, na ɗaga tabarma, har na fara zargin an ɗauke mini sisi a kasuwa.

Mahaifina ya same ni a haka. Labarin dillalin ya riga ya iso masa, har da cewa tsohon ko jaka ɗaya bai sayar ba ran nan. Bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi takardata ya juya ta, shi da bai iya boko ba, ya mayar mini.

Ya ce, "Tahi wurin gwaggonka. Gaya mata duk abin da ka saye, kar ka ɓoye ko na anini."

Gwaggona yayar mahaifina ce, gidanta yana ƙarshen unguwa ta hanyar Lafani. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli tun tana amarya, kuma da shi ta aurar da 'ya'yanta huɗu. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Na same ta tana murza tunkuza a turmi, mai yana tsattsafowa. Na tsuguna na gaishe ta, na fara karanta mata takardar.

Ta ce, "Aje wannan. Ɗauko min ƙwaryar can."

Ƙwaryar cike take da 'ya'yan tsamiya. Ta goge hannu, ta share ƙasa da tafinta, ta ce kowace ƙwaya kwabo ce.

"Hwata nawa?"

"Sule biyu, Gwaggo."

Ta ƙirga ashirin da huɗu ta tara gefe. "Sai mi?"

"Shi ke nan, sai 'yan tarkace."

"Tarkacen kyauta aka ba ka?"

Na ce a'a. Ta sa na faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Karan dafi, biyu. Kuloko, ɗaya. Zare, uku. Ƙyalle, huɗu. Garin dalaki, ɗaya. Mai, ɗaya. Tana jefa ƙwayoyin ina jin kowace kamar a kaina take sauka. Tarkacen nan da na raina suka tashi sule guda cif, rabin kuɗin fatar. Tarin ya zama talatin da shida.

"Jaka nawa suka hita?"

"Goma sha biyu."

"Duka sun kai kasuwa?"

"Ɗaya ta yage. Ɗaya na ba Baba."

"Wadda ka ba babanka jaka ta, kyautarka ta, daga ribarka za ta hita in akwai riba. Wadda ta yage kuwa 'yan'uwanta za su biya mata. Ni in kaskon ƙuli guda ya ƙone, sauran ka ɗaukar nauyinai."

Ta zana gida goma sha ɗaya a ƙasa da yatsa, ta rarraba ƙwayoyin. Kowane gida ya sami uku, uku suka rage a hannunta. Ta buɗe tafin ta nuna mini. Ashe tun kafin in zauna a kasuwa kowace jaka ta riga ta ci fiye da taron da na sa mata.

Na yi niyyar tashi, ta ce ba ta gama ba.

"Kwana nawa ka yi kana ɗinki?"

"Shida. Amma ai ni na yi da hannuna, Gwaggo, ban biya kowa ba."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "Kwana shidan nan tuwon wa ka ci? Na babanka. Tsohon can da ka sa aka zaga, tuwon wa shika ci? In ya wuni yana ɗinki, ɗinkin nan shi za ya ciyar da shi da jikokinai. Kai iska ka sha?"

Ta ce a lokacin ɗan ƙodago a gonakin Lafani yana samun kwabo huɗu a wuni, kuma ba za ta sa ni ƙasa da mai fartanya ba. Kwana shida, ashirin da huɗu. Ta ƙirgo su ta haɗa da na farko, ta tattara duka sittin, sule biyar ke nan, ta sake rabawa a gidajen nan goma sha ɗaya. Kowane ya sami biyar, biyar suka rage.

"Kwabo biyar da kusan ɗari," in ji ta. "Ban sa wuƙarka da ka wasa ba, ban sa basilla ba, su ma cinyewa suka yi sannu. In ka sai da sisi, goma sha ɗayan nan duka ribarsu sisi guda ta. To, gaya min, wa ya yanki mutane?"

Kuka ne ya zo mini, ina saurayi mai shekara goma sha bakwai, a gaban turmin tunkuza. Ba hasarar sisin ce ta sa ni ba. Fuskar tsohon nake gani lokacin da yake cewa aikin ya yi kyau. Ya san abin da jakar ta ci tun da ya shinshina ta, ya san ba za a iya sayar da ita taro a rayu ba, amma bai tona ni a gaban mutane ba. Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta cika mini hannu da ƙuli-ƙuli mai zafi ta ce in je inda ya kamata in je.

Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana jan igiyar takalmi. Na tsuguna nesa kaɗan na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo neman gafara. Ban iya lissafi ba, na sa aka ci mutuncinka."

Ya ce, "Ɗan makaranta, matso. Nawa ta tashi?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. "Na ce biyar a raina. Ƙyallenka ya yi yawa." Sannan ya ce, "Zagi ba ya huda hwata. Amma Lahadin nan da ta wuce da ƙanzo muka kwana, ba zan ɓoye maka ba."

Na ciro kuɗina na ajiye a gabansa. Ya ture su da bayan basilla ya ce shi ba sadaka yake nema ba, in ɗauke. Abin da yake so in yi shi ne in kawo takardar da na yanka gwargwadon jakar, don rabon cikin nan biyu dabara ce, shi shekara arba'in yana ɗinki bai faɗo masa ba.

Washegari tare muka je wurin majema. Bai bari na ɗauki fatar da aka fara miƙo mini ba. Ya ɗaga kowace ga rana yana neman huji, yana shafa bayanta da yatsa, sai da ya ƙi biyar ya zaɓi biyu, a kan kuɗin da na biya a da. A gida ya shimfiɗa su, ya karɓi takardata yana juya ta, wata a tsaye wata a kwance, ya sa marfin jaka ya faɗa wajen ciki inda fatar ta yi laushi, gindinta kuma wajen gadon baya inda ta fi ƙarfi. Bakwai ya fitar daga kowace. Ya ce ƙyalle a aljihun gaba kawai za a sa, na baya fatar ta isa. Guntayen wuya da ƙafafu da ni na zubar a bola, shi ya tara su a kwando. Da masu kaurin ya nuna mini yadda ake kuben 'yar wuƙa, siraran kuma ya yanka su igiyar ratayawa, ga shi ba sai an ɓata fata mai kyau a kan igiya ba. Ya ce waɗannan su ne ƙuli-ƙulin baduku, mai ya biya gyaɗa, su kuma su sayi gishiri.

Sisin da ya rage mini ya tafi a zare da rini da ɗan ƙyalle. Wannan karon kome na saya sai na sa masa ƙwayar tsamiya a wani ɗan kasko kafin in taɓa shi, da yamma in rubuta a takarda. Ni nake hudawa, tunda idona ya fi gani, shi yana jan zare yana gyara mini baki. Muka yi yarjejeniya cewa ladan aikin rabawa za mu yi.

Lahadi ta zagayo, na shimfiɗa kayana a cikin rumfarsa. Mutane suka zo da taro a hannu, wasu an aiko su daga Tozai don sun ji labari. Na ce sisi ne. Aka yi ta tsaki. Wani ya ce ɗan makaranta ya shiga hannun tsoho ya koyi cuta. Ba a jima ba sai ga dillalin awakin, da jakata a wuyansa.

"Kai yaro, mako guda ka ninka kuɗi?"

Na miƙe tsaye don a ji ni. Na ce wancan makon ni na yi kuskure. Na faɗi kuɗin fata, da na rini, da na zare da ƙyalle, da wadda ta yage, da kwanakin da na yi. Na ce jakar da ke wuyansa ta ci kwabo biyar da wani abu, na sayar masa taro, ragowar daga aljihuna da tuwon mahaifina ta fita. Na ce sisin da tsohon nan yake karɓa shi ne gaskiyar kuɗin, kuma ko kwabo guda ba ya ci a kai.

Dillalin ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani taro ya saya. Sai wata mai sayar da daddawa a rumfar gaba ta ɗago kai ta ce, "Kai in ka sayi akuya sule huɗu, ka ba ta dusa mako guda, sule uku kaka sai da ta?" Aka fashe da dariya. Ya juya ya tafi yana gunaguni. Bai nemi gafarar tsohon ba, ran nan ko bayan nan, kuma na daɗe ina jin haushin hakan fiye da shi tsohon.

Huɗu muka sayar ran nan, da kube biyu. Tsohon ya sayar da takalmi ɗaya da jakarsa ɗaya. Ba irin cinikin wancan makon ba ne, har la'asar muna zaune muna korar ƙuda. Ranar kasuwar Ƙwanni mahaifina ya tafi da biyar a cikin kayansa, ya dawo da kuɗin uku. Kafin hutu ya ƙare tara sun fita daga cikin goma sha huɗun, na bar wa tsohon biyar a rumfa tare da takardar yankan.

Da muka koma Sakkwato kowa ya kawo labarinsa. Mai lauje ya yi ciniki sosai, sai dai ya manta da gawayi. Mai alluna ya sayar da biyu kacal, don ashe malaman garinsu suna da masassaƙin da suka saba da shi. Mai majanyi, wanda aka yi wa dariya, shi kaɗai ya dawo da riba tun zagayen farko, domin uwarsa ce ta zaunar da shi ta ƙirga masa kome. Da aka zo kaina na miƙa takardu biyu, ta farko mai layi a ƙarƙashi da ta biyu. Na faɗi abin da ya faru duka, har da zagin da aka yi wa tsohon. Malam ya daɗe yana duban ta farkon. Ya tambaye ni ko tsohon ya yafe, na ce ya yafe. Ya ce to, in ajiye takardun biyu tare, kada in yar da ta farko.

Bayan na gama makaranta an nemi in zauna a Sakkwato in riƙa ɗinka jakunkunan masinjoji. Na yi shekara guda, sannan na dawo Illela, don an aiko mini cewa idon tsohon ya kusa rufewa. Na zauna a rumfarsa, ni ke yanka da huda, shi yana jan zare da lalube yana hira da masu saye. Shekara huɗu muka yi a haka kafin ya rasu, a wata damina. Lokacin nan dukawa uku ne a layin suke ɗinka jaka mai aljihu biyu, kuma na ji har a Ƙwanni an fara yin ta. Babban jikansa da ya tasa na koya masa sana'ar, daga baya ya buɗe tasa rumfar a Tozai, inda ya fi ni suna a ɗinkin sirdi.